Littafin aikin gem ɗina: kiran zane ya yi yawa, na koma atilas

4 ga Maris

Gem ɗin nan da nake haɗawa da libGDX ya fara ja da ƙafa a tsohuwar wayar da nake gwaji da ita. A kwamfuta lafiya lau yake gudu, amma a waya da zarar dodanni sun cika fili sai ka ga jarumin yana tafiya yana tsayawa. Irin gem ɗin nan ne da ake kallo daga sama, akwai ƙasa mai tayil-tayil, bishiyoyi da duwatsu, dodanni suna zuwa ta kowane gefe, kowanne da inuwarsa a ƙasa da sandar rai a saman kansa, in ka doke shi lamba ta tashi ta nuna yawan ran da ya zube.

Kafin in taɓa komai na fara awo. Idan ana son firam 60 a sakan, to kowane firam milisakan 16.7 ne da shi, komai da komai sai ya ƙare a ciki. Na sa `System.nanoTime()` a farkon `render()` da ƙarshensa, ya ba ni wajen milisakan 27 a lebul na uku inda dodanni 60 suke a sikirin lokaci ɗaya. Na kashe zanen gaba ɗaya na bar lissafin motsi da karo kawai, ya sauka zuwa 4. Kenan matsalar ba a tunanin dodanni take ba, a zane take.

6 ga Maris

Na kunna `GLProfiler` don in ga kiran zane nawa ake yi a firam ɗaya.

```java
profiler = new GLProfiler(Gdx.graphics);
profiler.enable();
// karshen render()
int kira = profiler.getDrawCalls();
int sauyi = profiler.getTextureBindings();
profiler.reset();
```

Ya nuna 540. Abu ɗaya da na lura, in an kunna shi gem ɗin ƙara nauyi yake, saboda bayan kowane umarni na OpenGL sai ya tambaya ko an samu kuskure, to shi ya sa na raba awon gida biyu: ƙidayar kira da shi a kunne, awon lokaci kuma da shi a kashe, in ba haka ba lambobin ƙarya za su yi maka.

Bari in rubuta yadda abin yake aiki don shi ne zai ja ragamar duk abin da zan yi nan gaba. Idan ka kira `batch.draw()` ba a lokacin ake zana komai ba, `SpriteBatch` ɗin ajiye kusurwoyi huɗu na hoton yake a cikin wani jeri, kowace kusurwa da wurinta da launinta da inda za a ɗebo a jikin tekisca, wato hoton da aka loda wa GPU, yana ta tara su dami guda. Sai wani abu ya tilasta shi sannan ya miƙa damin ga GPU, wannan miƙawar ita ce kiran zane ɗaya. Kuma tsadar ba a GPU take ba galibi, a CPU take, domin kowane kira sai direban GPU ya duba halin da ake ciki, ya tura bayanan, ya shirya umarni, ko hoto ɗaya ne a damin ko dubu wannan wahalar sai an sha ta. Babban abin da ke yanke dami shi ne canja tekisca. Ni kuwa kowane hoto fayil ɗinsa daban, kowanne `Texture` nasa, to inuwa, jiki, inuwa, jiki, kowane mataki yankewa ne, kamar tela da zai riƙa zare zare daga keke yana canja launi bayan kowane taku ɗaya na allura.

Na riƙa kashe ɓangarori ɗaya bayan ɗaya ina kallon yadda lambar ke sauka. Ƙasa kaɗai tana cin wajen 190, domin tayil 30 ne a faɗi 17 a tsaye, 510 kenan, daga hotuna huɗu, ana zana su layi-layi, duk inda ciyawa ta haɗu da yashi an yanke. Dodanni 180, uku kowanne. Bishiyoyi da duwatsu da inuwoyinsu 110. Saura tartsatsi da lambobi da maɓallan sikirin.

9 ga Maris

Na yanke shawarar komawa atilas, wato a haɗa ƙananan hotuna da yawa cikin babban hoto ɗaya don kar a riƙa canja tekisca. Na zauna na gyara sunayen fayil-fayil, firam na motsi duk na mai da su `dodo_gudu_01.png`, `dodo_gudu_02.png` haka, don `TexturePacker`, mai shirya atilas ɗin, yana cire lambar ƙarshe ya ɗauke ta a matsayin jeri, daga baya `findRegions("dodo_gudu")` ya ba ka su a jere. Aikin hannu ne kawai, ba wani labari.

11 ga Maris

Atilas na farko ya fito. Na canja kod ɗin duk inda ake ɗaukar `Texture` ya koma `AtlasRegion`, na kunna ina jiran in ga lamba ƙasa da goma, sai na ga 340.

Ƙasa dai ta gyaru, daga 190 ta koma ɗaya, amma dodanni da bishiyoyi kusan ba su motsa ba. Da na buɗe foldar da aka zuba sakamakon sai na tarar da fayil ɗin `.atlas` ɗaya ne amma hotunan PNG da yawa ne. Ashe shi mai shiryawan kowace ƙaramar folda shafinta daban yake ba ta, ni kuma na tsara hotuna bisa iri, inuwoyi a folda ɗaya, dodanni a wata, bishiyoyi a wata, kuma girman shafi in ba ka faɗa ba 1024 ne. To a idon GPU kowane shafi tekisca ne mai zaman kansa, bai san wani wai su duka sunan atilas ɗaya suke amsawa ba. Inuwa tana shafi na biyu, jiki yana na uku, yankewar tana nan yadda take.

Nan ne na gane tambayar da ya kamata in riƙa yi, ba wai wane irin hoto ne wannan ba, a'a, wa ake zanawa kafinsa kuma wa ake zanawa bayansa. Gem ɗina yana jera komai bisa tsayuwarsa a fili, wanda ya fi nisa a fara zana shi don na kusa ya rufe shi, kenan bishiya, dodo, dutse, jarumi, dodo, duk a cakuɗe suke kuma ba zan iya raba su bisa tekisca ba, in na raba dodo zai fito a gaban bishiyar da ya kamata ta ɓoye shi. Duk abin da ke cikin wannan jeren dole ya zauna a shafi ɗaya.

13 ga Maris

Na rubuta `pack.json`:

```json
{
  "combineSubdirectories": true,
  "maxWidth": 2048,
  "maxHeight": 2048,
  "filterMin": "Linear",
  "filterMag": "Linear"
}
```

Bai shiga shafi ɗaya ba, biyu ya fitar. Lissafin a fili yake, shafi mai 2048 da 2048 fiksel miliyan 4.19 ne, ni kuma firam ɗin dodanni da na jarumi 220 ne, kowanne 128 da 128, su kaɗai sun cinye miliyan 3.6, ba a zo kan bishiyoyi ba. Kuma shafi biyun nan ya fi na jiya ban haushi ta wani fannin, don yanzu firam ɗin dodo ɗaya ma sun rabu, wasu a nan wasu a can, sai lambar kira ta riƙa rawa, wani firam 210 wani 260, ya danganta da wace ƙafa kowane dodo ya ɗaga a lokacin.

Na yi tunanin in ɗaga zuwa 4096 in huta, na fasa. Na farko, girman PNG a ajiya ba shi ne abin da yake ci a memori ba, in an loda shi kowane fiksel bait huɗu ne, shafin 2048 megabait 16 ne, na 4096 kuma 64, ko da rabinsa fili ne babu komai a ciki. Na biyu, abin da ƙa'idar OpenGL ES 3.0 ta tabbatar kowace na'ura za ta ɗauka 2048 ne, sama da haka sai ka tambayi `GL_MAX_TEXTURE_SIZE` a kan na'urar, kuma ni tsofaffin wayoyi nake so gem ɗin ya yi wa aiki.

15 ga Maris

Mafita ita ce a yanke filin banza da ke kewaye da kowane firam. Dodon da ke cikin 128 da 128 jikinsa bai wuce 70 da 90 ba, sauran duk wofi ne. Na ƙara `stripWhitespaceX` da `stripWhitespaceY`, firam 220 ɗin suka koma wajen fiksel miliyan 1.4, komai ya shiga shafi ɗaya har da sauran wuri. Kira ya sauka zuwa 175.

Sai kuma wata ta ɓullo, dodanni suka fara karkarwa. Suna gudu suna zillo hagu da dama, ƙafafunsu ba sa zama kan inuwa, wanda ke kai sara kuwa duk lokacin da ya miƙa hannu baya sai jikinsa gaba ɗaya ya yi tsalle gaba. Dalili, da can duk firam girmansu ɗaya, kusurwar ƙasa ta hagu wuri ɗaya take a kowanne, yanzu kuwa kowanne an yanke shi gwargwadon jikinsa, to in ka ɗora su duka a `x, y` ɗaya jikin zai riƙa matsawa gwargwadon abin da aka yanke. Atilas ɗin ya ajiye adadin da ya yanke, `batch.draw(region, x, y)` ne bai kula da shi, sai ka ƙara da kanka:

```java
batch.draw(r, x + r.offsetX, y + r.offsetY);
```

Wannan ya gyara masu fuskantar dama. Masu fuskantar hagu ina juya su ne da faɗi mai alamar ragi, to su sai an lissafa daga ɗaya gefen, wato `originalWidth` a cire `offsetX`, tunda daga nan hoton zai miƙe zuwa hagu. Na haɗa su a aiki guda na ce duk wani zane na dodo ko jarumi ta nan zai bi. Na bar `rotation` a kashe da gangan, zai ƙara matse shafin amma sai ka kula da juyawa a wajen zane, kuma tunda akwai wuri ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyin ba.

16 ga Maris

Hutu daga zane, na gyara sautin takun ƙafa. `render()` yanzu milisakan 17.

19 ga Maris

Yau sandar rai. Tun farko da `ShapeRenderer` nake zana ta, shi kuwa ba ya shiga cikin damin hotuna sam, yana da nasa tsarin, to ga kowane dodo kod ɗin yana rufe `batch.end()`, ya buɗe na siffofi, ya zana murabba'i biyu, ya rufe, ya sake `batch.begin()`. Kira biyu ga kowane dodo, 120 kenan cikin 175 ɗin da suka rage, kuma waɗannan sun fi na canja tekisca tsada tunda har `ShaderProgram` ake canjawa gaba da baya.

Dabarar mai sauƙi ce, na yi ɗan hoto fari fat mai fiksel 4 da 4 na saka a atilas, in ina son murabba'i sai in miƙe shi zuwa girman da nake so in rina shi da launi.

```java
batch.setColor(Color.RED);
batch.draw(fari, x, y, fadi * rai, 4);
batch.setColor(Color.WHITE);
```

Abin da ya sa wannan ke aiki, `setColor` ba ya yanke dami, launin a jikin kowace kusurwa ake rubuta shi ya tafi tare da sauran bayanan, ko kowane hoto da launinsa daban duk kira ɗaya ne. Sai dai ka tuna mayar da fari bayan ka gama, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya ja zai fito. Kira ya koma 70, lokaci milisakan 11. A duk gyaran da na yi zuwa yanzu wannan ne na fi jin bambancinsa a hannu.

20 ga Maris

Lambobin duka. `BitmapFont` yana da nasa hoton haruffa, kenan kowace lamba da ta tashi yankewa biyu ce, shiga da fita. Na jefa hoton haruffan cikin foldar atilas, na ba shi yankin a wajen ginawa, `new BitmapFont(fayil, atlas.findRegion("lambobi"))`. Daga 70 zuwa 45.

Ina cikin wannan na ci karo da `findRegion` a cikin zanen bishiyoyi ana kiransa kowane firam, shi kuwa bi yake ɗaya bayan ɗaya yana gwada sunaye har ya samu, na ɗauke shi na kai wajen lodawa. Ba ya cikin ƙidayar kira amma CPU yake ci.

23 ga Maris

Wannan ya ɗauke ni lokaci, bari in rubuta shi da kyau. Tun da ƙasa ta koma atilas nake hango wasu siraran layuka tsakanin tayil da tayil, ba kullum ba, sai kyamara tana tafiya a hankali ko in an yi zum, su bayyana su ɓace, baƙaƙe sirara kamar gashi. A hoton da aka ɗauka kyamara tsaye ba ka ganin komai, shi ya sa da wuya ka nuna wa wani.

Abu na farko da na so in sani, launin daga ina yake zuwa, daga hoton maƙwabci ne a cikin atilas ko kuwa bayan fili ne ke leƙowa. Na canja launin da ake share sikirin da shi daga baƙi zuwa shunayya mai haske, layukan suka koma shunayya. Kenan gefen tayil ɗin ne ya zama shara-shara ana hango baya. Da a ce sun fito da launin wani hoto daban, misali ruwan ƙasa a tsakiyar ciyawa, to da maƙwabci ne ke zubowa kuma tazara ce ta yi kaɗan.

Yadda abin ke faruwa, da `Linear` GPU ba fiksel ɗaya yake ɗauka ba, yana gauraya huɗun da suka fi kusa da inda ya faɗa. Idan kyamara ta tsaya a rabin fiksel, to a bakin tayil ɗin gaurayar tana haɗawa da abin da ke wajen yankin. Lokacin da tayil ke fayil nasa shi kaɗai babu wani waje, in an kai baki sai a maimaita fiksel na ƙarshe, yanzu kuwa a wajen akwai tazarar fiksel biyu da mai shiryawa ya bari tsakanin hotuna, kuma tazarar wofi ce, rabin ciyawa rabin wofi shi ne layin da nake gani.

Na fara gwada ƙara tazarar zuwa takwas, ba abin da ya canja, kuma da ma ba zai canja ba tunda wofi ne aka ƙara a kan wofi. Akwai kuma wani saiti mai suna `bleed` wanda sunansa zai sa ka ɗauka shi ne, amma a kunne yake tun asali, aikinsa daban ne, yana cusa launi a cikin fiksel ɗin da ba a gani don kar gefen hoto ya yi baƙin zobe, bai taɓa shara-sharar kanta ba. Wanda ya yi maganin shi ne wannan:

```json
"duplicatePadding": true,
"paddingX": 4,
"paddingY": 4
```

Yana kwafe fiksel ɗin bakin hoto ya shimfiɗa a cikin tazarar, to ko GPU ya leƙa waje ciyawa zai tarar. Layukan sun tafi a kowane zum da gem ɗin ke amfani da shi. Na kuma sa wurin kyamara yana zama kan cikakken fiksel na sikirin, wannan ya rage wani ɗan ƙyalli da gefen duwatsu ke yi in ana tafiya. In wata rana na kunna mifmaf, wato ƙananan kwafin tekisca mataki-mataki, don zum mai nisa zan dawo kan wannan, domin a can kowane mataki rabin girma ne, tazarar huɗu ta zama biyu ta zama ɗaya, ga kuma ƙarin kashi ɗaya cikin uku na memori.

26 ga Maris

Tartsatsi. Hotunansu suna cikin atilas tun tuni amma har yanzu kowanne yana cin kira biyu, don irin masu haske ne da ake ƙara launinsu a kan na baya, kuma canja `setBlendFunction` yana yanke dami ko da tekisca ɗaya ne. Kowane mai fesa tartsatsi yana canjawa kafin ya zana ya mayar bayan ya gama, goma sha biyu a sikirin kira 24.

Na cire su daga jeren fili na tara su a ƙarshe, na kira `setEmittersCleanUpBlendFunction(false)` a kan kowanne don kar ya mayar da kansa, in sun gama duka ni in mayar sau ɗaya. Kira 22. Amma akwai abin da na biya, yanzu in aka doki dodo a bayan bishiya tartsatsin a saman ganyen yake fitowa. Na zuba masa ido sosai, a gani na bai ɓata komai ba, haske ne kuma yana taimaka wa mai wasa ya san dukansa ya samu ko da bai ga dodon ba. Wutar da ke ci a ƙasa kuwa ba za ta yi haka ba, dole bishiya ta rufe ta. Akwai hanyar da za a ninka launin kowane fiksel da shara-shararsa tun wajen shiryawa, `premultiplyAlpha`, sai a yi amfani da tsarin gauraya guda ɗaya ga masu haske da marasa haske duka, amma zai taɓa duk inda nake rina hoto ko dusashe shi, na ajiye shi sai lebul ɗin wuta ya zo.

27 ga Maris

Maɓallan sikirin. Suna da nasu atilas, na bar su haka tunda bayan an gama fili ake zana su, canji ɗaya ne kacal. Abin da ke cin kira shi ne `Group` guda takwas da na yi, kowanne yana canja lissafin matsayi in zai zana 'ya'yansa ya mayar in ya gama, yankewa biyu-biyu. `setTransform(false)` ga duk wanda ba ya juyawa ko kumbura. Ɗaya na bari, maɓallin sara da ke kumbura in an danna.

29 ga Maris

Kira yana tsakanin 5 da 6, yana rawa. Na duba `batch.maxSpritesInBatch` ya nuna 1000 cif, wato damin cika yake ya miƙa da kansa, don in ka gina `SpriteBatch` ba ka faɗi girma ba dubu yake ɗauka, kuma fili na yanzu tayil 510 ne da dodanni huɗu-huɗu da bishiyoyi da harsasai, yana yawo a bakin dubun. Na mai da shi `new SpriteBatch(2000)`, kowane hoto bait 80 ne, kilobait 160 gaba ɗaya, ba komai ba ne. Iyakarsa 8191.

Ga abin da ya kamata in ajiye a rubuce dai, daga 540 zuwa 70 lokaci ya sauka daga milisakan 27 zuwa 11, daga 70 zuwa 22 ya sauka zuwa 8 da ɗan abu, daga 22 zuwa 5 kuwa da ƙyar ya kai rabin milisakan. Ba na nadamar na ƙarshen don bai ci wahala ba, amma ba zan sake lanƙwasa tsarin gem ɗin don in kashe kira biyu ko uku ba. Lebul na uku yana riƙe firam 60 a tsohuwar wayar, har da dodanni 90 da na zuba don gwaji.

2 ga Afrilu

Na ƙara sabon dodo, atilas ya ɗauka, shafi ɗaya har yanzu. Na sa wani ɗan bincike a wajen lodawa, in `atlas.getTextures().size` ya wuce ɗaya ya rubuta gargaɗi da babbar murya, don ranar da zai zube zuwa shafi na biyu ba abin da zai fashe, lambar kira ce kawai za ta hau a ɓoye.

5 ga Afrilu

Lebul na biyar mai hazo ya koma ja da ƙafa, firam wajen 40, kuma kira 8 ne kacal. `render()` yana gamawa a milisakan 7, amma `getDeltaTime()` yana nuna wajen milisakan 25 tsakanin firam da firam, kenan CPU ya gama nasa yana zaune yana jiran GPU. Wannan ba ciwon da na yi wata ina magani ba ne. Don in tabbatar na zana komai a `FrameBuffer` mai rabin faɗi rabin tsawo sannan na miƙe shi ya cika sikirin, nan take ya koma 60. In da kira ne matsalar rage girma ba zai taɓa shi ba, tunda yawan kiran bai canja ba.

Hazon shimfiɗa uku ne, kowace tana rufe sikirin baki ɗaya kuma shara-shara ce. Sikirin mai 1920 da 1080 fiksel miliyan biyu ne da ɗoriya, ƙasa sau ɗaya hazo sau uku, sama da miliyan takwas kenan kowane firam kafin a zana dodo ko ɗaya, kuma fiksel ɗin da ba a ganin komai a cikinsa ma sai an bi ta kansa an gauraya. Atilas ba shi da abin da zai yi a nan, kuma shi ya sa ma ban saka hotunan hazon a ciki ba, manya ne, sau ɗaya ake zana kowanne, ga shi ina so su riƙa maimaituwa suna gudana, abin da yanki a cikin atilas ba ya yi ta hanyar `Repeat`, sai tekisca cikakke.

Shirin mako mai zuwa: in zana shimfiɗu ukun a ƙaramin `FrameBuffer` mai kwata na faɗi da kwata na tsawo, tunda hazo da ma dishi-dishi ne ba wanda zai ga bambanci, sannan in ɗora shi a sikirin sau ɗaya. Zan kuma gwada `disableBlending()` a lokacin zana ƙasa, tayil ɗin ba su da shara-shara ko kaɗan, zai ƙara kira ɗaya amma zai sauke wa GPU gaurayar fiksel miliyan biyu, zan auna da shi da kuma babu shi in ga wanne ya fi a wayar. Bayan haka sai lebul ɗin wuta, kuma kafin in zana firam ɗinsa ko ɗaya zan lissafa ko za su shiga ragowar shafin, in ba za su shiga ba kowane lebul zai samu atilas nasa, jarumi da inuwa da fari da lambobi a maimaita su a cikin kowanne.